Littafin aiki: na'urar gano buhun da ya ɓace

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Aikin da ke gabana shi ne haɗa wata 'yar na'ura don wani sito na hatsi. Ana loda wa tirela buhu 600, kowane buhu da takardar lamba manne a bakinsa, ana karanta lambar da sikana lokacin lodi da lokacin sauke kaya. Abin da ya fi faruwa in an samu matsala shi ne a ƙirga a ga 599. Mai sito yana so ya san wane buhu ne babu, domin lambar ce ke nuna daga wane dillali buhun ya fito da kuma wanda za a tuntuɓa.

Hanyar da za ta fara zuwa wa kowa a rai ita ce a ajiye dukkan lambobin da aka karanta, a jera su daga ƙarami zuwa babba, a duba inda aka yi tsallake. A kwamfuta wannan ba komai ba ne. Amma ni da Arduino Uno nake aiki, wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta haɗa na'urori, wanda ƙwaƙwalwarsa ATmega328P ce, kuma RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe bayanai yayin aiki, duka-duka bayit 2,048 ne. Ƙaramin allon da na sa, mai ɗigo 128 a kwance da 64 a tsaye, yana cin bayit 1,024. Katin SD yana riƙe 512. Hanyar da sikana ke turo lambobi tana riƙe 128. Abin da ya rage bai kai bayit 400 ba, alhali lambobi 600 masu bayit biyu-biyu suna neman 1,200. Babu wuri.

Don haka zan bi hanyar da ba ta ajiye lambobin kwata-kwata. In ka san lambobin da ya kamata su zo, kuma kowace sau ɗaya ta zo, kuma guda ɗaya tak ta ɓace, to ka tara waɗanda suka zo, ka cire daga jimlar da ya kamata a samu. Abin da ya rage shi ne lambar da babu. Jimlar 1 zuwa n ita ce `n(n+1)/2`, dabarar nan da ake danganta wa Gauss tun yana yaro, inda aka ce ya haɗa 1 da 100, 2 da 99, har ya samu 101 sau hamsin, wato 5,050.

Na gwada a takarda da buhu goma. Sun zo a hargitse: 3, 10, 1, 8, 5, 2, 9, 6, 4. Jimlarsu 48. Jimlar 1 zuwa 10 kuwa 55. Saura 7, kuma lallai babu 7 a cikinsu. Abin da ya fi yi mini amfani a nan shi ne ba ruwan hanyar da jeri. 'Yan dako ba sa sauke buhu bisa lamba, wanda hannu ya kai shi ake ɗauka.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Yau XOR. A harshen C ana rubuta shi `^`. Yana ɗaukar lambobi biyu a rubutunsu na sifili da ɗaya, ya kwatanta su gurbi da gurbi: in sun bambanta ya ba da 1, in sun yi daidai ya ba da 0. Tarawa ce da ba a riƙe ɗaya a kai gurbi na gaba. Daga nan abubuwa uku suke fitowa. Lamba in ta haɗu da kanta sai ta zama sifili. Lamba in ta haɗu da sifili tana nan yadda take. Sannan jerin da aka bi wajen haɗawa ba ya canza amsa.

Saboda haka in ka haɗa dukkan lambobin da ya kamata su zo da dukkan waɗanda suka zo, kowace lamba ta bayyana sau biyu ta kashe kanta, sai wadda ta ɓace, ita kaɗai ta bayyana sau ɗaya. Na bi buhunan shekaranjiya ɗaya bayan ɗaya. Ma'ajin ya fara da 3, ya koma 9, sai 8, sai 0, sai 5, sai 7, sai 14, sai 8, ya tsaya a 12. XOR na 1 zuwa 10 kuwa 11 ne. A rubutun sifili da ɗaya 12 shi ne `1100`, 11 kuma `1011`, haɗinsu `0111`, wato 7. Amsa ɗaya da ta tarawa.

Duba yadda ma'ajin ya yi ta hawa da sauka amma bai taɓa wuce 15 ba. Lambobin da suka shiga cikin bit huɗu, wato gurbi huɗu na sifili da ɗaya, XOR ɗinsu ba zai taɓa fita daga bit huɗu ba, ko da guda nawa ne. Jimla kuwa kullum girma take yi.

XOR na 1 zuwa n shi ma yana da gajeriyar hanya, ba sai an bi lambobin ba. Ana duba abin da ya rage in an raba n gida huɗu:

```c
uint16_t xor_zuwa(uint16_t n) {
  switch (n & 3) {
    case 0:  return n;
    case 1:  return 1;
    case 2:  return n + 1;
    default: return 0;
  }
}
```

Dalilin ba shi da wuya. Duk lambar da biyu ke rabawa da wadda ke bi mata a gurbi na ƙarshe kaɗai suka bambanta, don haka haɗinsu 1 ne: 4 da 5 sun ba da 1, 6 da 7 sun ba da 1. Ɗaya da ɗaya kuma sifili. Ke nan kowane rukuni na huɗu da ya fara daga ninkin huɗu yana share kansa, sai a sake farawa daga sifili.

Takardunmu ba daga 1 suke farawa ba. Naɗin takardun da zan yi gwaji da shi ya fara daga 12001 ya ƙare a 12600. Ana ɗaukar XOR na 1 zuwa 12600 a haɗa da na 1 zuwa 12000, sai na farkon su kashe juna. Duka biyun huɗu na raba su, don haka lissafin ya zama `12600 ^ 12000`, amsa 8152. Na ɓoye takarda mai lamba 12345 na karanta sauran. Na'ura ta tara 12257, kuma `8152 ^ 12257` ya ba da 12345.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na ware yau don tumbatsar lissafi, domin nan ne hanyar tarawa ta fi cin mutane. A Uno, `int`, nau'in cikakkiyar lamba da aka saba amfani da shi a C, bit 16 ne, iyakarsa 32,767. Jimlar 1 zuwa 255 ita ce 32,640, ta shiga. Jimlar 1 zuwa 256 ita ce 32,896, ta tumbatsa. Amma dabarar `n(n+1)/2` tana lalacewa tun kafin nan, saboda ana ninkawa kafin a raba: 180 sau 181 ya ba da 32,580, 181 sau 182 kuwa 32,942. Wato daga buhu 181 lissafin ya riga ya karye, alhali amsar ƙarshe, 16,471, tana da wuri isasshe. A kwamfutar da `int` ɗinta ke da bit 32 haka abin yake, sai dai iyakokin sun matsa: ninkawa tana karyewa a 46,341, jimla kanta a 65,536.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan muni. A dokar C, in lamba mai alamar ƙari ko ragi ta tumbatsa, ba a yi alkawarin abin da zai biyo baya ba. Yana iya juyowa ya zama ragi, yana iya yin wani abu dabam in an canza saitin `avr-gcc`, manhajar da ke fassara C zuwa harshen na'ura. Ba abin dogaro ba ne.

Lambobi marasa alama, irin `uint16_t`, su an yi musu alkawari. In sun kai 65,536 sai su koma sifili su ci gaba, kamar agogon da ya buga sha biyu ya koma ɗaya. Kuma wannan juyawa ba ta ɓata tarawa da cirewa ba. Jimlar 12001 zuwa 12600 ita ce 7,380,300. In babu 12345, abin da aka tara 7,367,955. A cikin bit 16 na farko ya zama 40,268, na biyu 27,923. Ka cire, ka samu 12,345 daidai. Kowannensu ya zagaya agogo sau 112, zagayen ya faɗi wajen cirewa. Ko da na farkon ne ƙarami babu damuwa: 100 a cire 65,000 a wannan tsari 636 ne, kuma ita ce amsar gaskiya muddin lambar da ake nema ba ta kai 65,536 ba.

Rabawa ce ba ta jure juyawa. Na sa dabarar yadda aka saba rubuta ta don in ga kamannin ɓarnar: adadi sau jimlar lambar farko da ta ƙarshe, a raba biyu. 600 sau 24,601 ya ba da 14,760,600, wanda a bit 16 ya koma 15,000. An raba biyu, 7,500. Abin da ya kamata a samu 40,268 ne. Bambancinsu 32,768 cif, wato bit na can sama ne ya salwanta, domin rabawa biyu tana janyo bit na goma sha bakwai ya sauko, shi kuwa an riga an yar da shi. Na'ura ta ce buhu mai lamba 45113 ne ya ɓace, wato 12,345 da ƙarin 32,768.

Wannan alama ce mai kyau a riƙe: in amsa ta kauce da 32,768, ko da 2,147,483,648 a bit 32, to an raba bayan an tumbatsa. Abin da ke sa ciwon ya ɓuya shi ne in bit ɗin da ya salwanta dama sifili ne, amsa tana fitowa daidai. Sai a yi gwaji da naɗi ɗaya a ga lafiya, a kai sito ya karye a naɗi na gaba. Maganin shi ne a raba kafin a ninka. Tsakanin adadin da jimlar lambobin baki biyu, dole ɗaya biyu ta raba shi. 300 sau 24,601 a bit 16 ya ba da 40,268, lafiya lau.

A wannan fanni XOR ya fi kwanciyar hankali, domin babu abin da zai tumbatsa. Amma ba zan ce tarawa ta gaza ba. In an yi ta da lambobi marasa alama aka kiyaye rabawa, ƙarfinsu ɗaya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na kai na'urar sito na nuna yadda take aiki. Mai kula da lodi, dattijo ne da ya daɗe a harkar, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, takardun nan fa yagewa suke yi. In ɗaya ta yage mu yar mu manna ta gaba. Ba ka taɓa samun tirela mai lambobi a jere ba tsallake."

Na ce, "Baba, ke nan buhu 600 na iya cin lambobi 610?"

Ya ce har fiye, in gam ɗin ya ji rana.

Wannan ya cire dabarun gajeriyar hanya duka biyu daga aikin, amma bai taɓa tushen hanyar ba. Ba a taɓa buƙatar lambobin su kasance a jere ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne su bambanta da juna, kuma a san jimlarsu ko XOR ɗinsu tun farko. Jeri sauƙi ne kawai da ke ba ka wannan sani ba tare da ƙirgawa ba. To yanzu na'urar wurin lodi za ta tara da kanta yayin da ake lodi, a rubuta sakamakon a takardar kaya da direba ke riƙewa, na'urar wurin sauke kaya ta tara nata, a kwatanta.

```c
uint16_t adadi, jimla, x;

void karanta(uint16_t k) {
  adadi++;
  jimla += k;
  x ^= k;
}
```

Bayit shida ke nan a madadin 1,200. A ganina a nan hanyar ta fi nuna darajarta, fiye da batun ƙarancin RAM. Sito biyu suna nesa da juna, intanet ba tabbas, amma lambobi uku kowa zai iya rubuta su da biro ko ya karanta su a waya. Kuma in ƙofa biyu ake lodi da na'ura biyu, sai a tara jimlolinsu a haɗa XOR ɗinsu, a samu abin da na'ura ɗaya za ta samu.

Na ƙara maɓallin sokewa, don buhun da aka karanta sannan aka ga ya huje aka mayar. A jimla cirewa ake yi, a adadi a rage ɗaya. A XOR kuwa sake haɗa lambar kawai ake yi, domin shigarwa da fitarwa aiki ɗaya ne.

Talata, 18 ga Fabrairu

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna a duk aikin, kuma kansa zan daɗe.

Hanyoyin nan biyu ba su iya cewa "ban sani ba". Duk abin da ka zuba musu za su fito da lamba. In sharaɗin ya cika, lambar gaskiya ce. In bai cika ba, lambar ƙarya ce mai kama da gaskiya. A nan kuma amsa tana nufin a kira wani dillali a ce buhunsa bai iso ba, ko a tsare direba da tambayoyi. Ba na son na'urar da na haɗa ta jawo wa wani zargi a kan abin da bai faru ba.

Kariya ta farko ita ce adadi. In bambancin adadin lodi da na saukewa ba ɗaya ba ne, na'ura ba za ta faɗi lamba ba. Wannan ya kama buhu biyu da suka ɓace, ya kuma raba tsakanin "babu abin da ya ɓace" da "lamba sifili ce ta ɓace", waɗanda jimla da XOR ke ba wa amsa iri ɗaya.

Amma adadi yana ruɗuwa. Sikana na iya karanta buhu ɗaya sau biyu, musamman in ɗan dako ya tsaya gyara shi a ka a gaban mai karantawa. Buhu biyu su ɓace, ɗaya a karanta shi sau biyu, adadi ya nuna 599. A ido komai daidai.

Kariya ta biyu ita ce a sa hanyoyin biyu su yi wa juna shaida. In a da b sun ɓace aka maimaita c, tarawa za ta ba da `a + b - c`, XOR kuma `a ^ b ^ c`. Galibi ba sa zama ɗaya. A buhu goma, in 3 da 8 suka ɓace aka maimaita 5, tarawa ta ce 6, XOR ya ce 14. Sun saɓa, an kama. Saboda wannan na bar duka biyun a na'ura duk da cewa ɗaya ta isa ta ba da amsa. Haka kuma in magatakarda ya kwafi lamba daga takardar kaya ya juya alƙaluma biyu, saɓanin zai nuna.

Sai na zauna neman inda za su haɗa baki su yi ƙarya, kuma ban daɗe ba na samu. A ce 12003 da 12004 sun ɓace, an karanta 12001 sau biyu. Tarawa: 3 da 4 bakwai, a cire 1, saura 6, wato 12006. XOR: 3 da 4 sun ba da 7, 7 da 1 sun ba da 6, wato 12006. Adadi 599, shaidu biyu sun yarda, kuma buhu mai lamba 12006 yana nan cikin sito an jibge shi da 'yan'uwansa. Dalilin shi ne tarawa da XOR 'yan gida ɗaya ne. Riƙe ɗaya da aro ne kaɗai suka raba su, don haka duk inda lambobin suka faɗo yadda ba a riƙe komai ba kuma ba a ari komai ba, amsarsu ɗaya ce. A 3 da 4 babu gurbin da duka biyun ke da 1, sannan 1 ɗin da aka cire yana cikin 7. Shaidarsu ba mai zaman kanta ba ce sosai.

Shaida ta uku da na ƙara ita ce jimlar lambobin bayan an ninka kowace da kanta. A misalin nan, 9 da 16 sun ba da 25, a cire 1, saura 24. Da 6 ne ya ɓace da gaske, da 36 za a gani. An kama. Kuma wannan ba sa'a ba ce. In `a + b = c + m` sannan `a² + b² = c² + m²`, to a sau b daidai yake da c sau m. Lambobi biyu da jimlarsu da ninkinsu suka yi daidai da na wasu biyu, su ne su ɗin. Ke nan c ɗaya ne daga cikin waɗanda suka ɓace, abin da ba zai yiwu ba tunda an karanta shi. Maimaici guda ɗaya ba zai taɓa wuce wannan shinge ba.

Sharaɗin hujjar shi ne lissafin ya kasance cikakke, ba mai zagaya agogo ba. Don haka kafin ninkawa ina cire tushe, wato 12000 a wannan naɗi, daga kowace lamba, 12345 ya zama 345. Tirela ɗaya ba ta cin lambobi dubu, saboda haka mafi girman abin da za a tara bai kai 600 sau miliyan ɗaya ba, wato miliyan 600, kuma `uint32_t` yana ɗaukar sama da biliyan huɗu. Na 1 zuwa 600 cif 72,180,100 ne, da shi na duba cewa na'ura na tarawa daidai.

Maimaici biyu fa? Nan hujjar ta tsaya. Lambobi 1, 5, 6 jimlarsu 12, ninkinsu da kansu ya tara 62. Lambobi 2, 3, 7 su ma 12 da 62. In 1, 5, 6 suka ɓace aka maimaita 2 da 3, jimlolin biyu za su rantse cewa 7 ne babu. A wannan misali XOR ne ya ceci lamarin, domin shi 3 ya ba da. Amma kowane shinge na irin wannan yana da ramin da wani haɗin lambobi zai bi ya wuce, tunda 'yan bayit kaɗan ba za su iya bambanta dukkan yanayin buhu 600 ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Tunda maimaici ne tushen ƙaryar, gara a hana shi shiga tun daga ƙofa. Na ware bit ɗaya ga kowace lamba daga tushe zuwa dubu, bayit 125 ke nan, kuma ya samu wuri a ɗan abin da ya rage. In an karanta lamba, na'ura ta duba bit ɗinta. In a kunne yake, ta yi ƙara ta ƙi ƙirgawa. In a kashe yake, ta kunna shi ta tara.

```c
uint16_t i = k - tushe;
if (gani[i >> 3] & (1 << (i & 7))) return;
gani[i >> 3] |= 1 << (i & 7);
```

Kafin waɗannan layuka akwai dubawa cewa `i` bai kai dubu ba, domin takardar wata tirela in ta shigo za ta sa a rubuta a wajen ma'ajin.

Wani zai ce, tunda ga taswirar bit, me ya rage wa jimla da XOR? Da lambobin a jere suke, da babu abin da ya rage musu, sai a duba bit ɗin da ke kashe kawai, kuma da zan ba kowa shawarar ya tsaya a nan. Amma a wurin sauke kaya, taswirar tana nuna ramuka goma sha ɗaya, goma na takardun da suka yage, ɗaya na buhun da ya ɓace, kuma ba ta san wanne ne wanne ba. Lambobin takardar kaya ne ke nuna ramin gaskiya. Taswirar kuma ta ba da kariya ta ƙarshe kyauta: lambar da aka ce ta ɓace dole bit ɗinta ya kasance a kashe. Da wannan kaɗai da an kama ƙaryar 12006.

Yanzu sharaɗin bambancin lambobi ba fata ba ne, na'ura ce ke tilasta shi a ɓangarorin biyu. Abin da bai kama ba shi ne buhun da ba a karanta ba wurin lodi amma ya hau mota. In lambarsa na cikin dubun nan, zai bayyana wurin saukewa a matsayin baƙo, kuma a lissafi baƙo ɗaya daidai yake da maimaici ɗaya: ana cire shi daga abin da ya ɓace. Hujjar ranar Talata ta rufe shi, don haka jimlar ninki za ta ci gaba da zama a takardar kaya.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Buhu biyu. Tunda jimlar ninki na nan, na ga babu dalilin da zai sa na'ura ta yi shiru in adadi ya nuna 598.

Jimla da XOR kaɗai ba su isa ba. Lambobi 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, duk jimlarsu 7, XOR ɗinsu ma 7. Amma jimla da jimlar ninki suna warware shi. In S ne bambancin jimla, Q kuma bambancin jimlar ninki, to `2Q - S²` shi ne tazarar lambobin biyu an ninka ta da kanta.

Na cire takardu 12345 da 12512. Bayan cire tushe, S ya fito 857, Q ya fito 381,169. Ninki biyu na Q 762,338, S sau S kuma 734,449. Bambanci 27,889, wanda shi ne 167 sau 167. To babbar lambar ita ce rabin 857 da 167 a haɗe, 512, ƙaramar kuma rabin bambancinsu, 345. Sai XOR ya koma mai shaida: `345 ^ 512` dole ya yi daidai da bambancin XOR na ɓangarorin biyu, kuma bit ɗin kowannensu ya kasance a kashe. In `2Q - S²` bai zama lambar da wata ta ninka kanta ta bayar ba, na'ura ta rubuta cewa lissafi bai daidaita ba, a sake ƙirga. Lambar da ta ninka kanta ɗin na nemo ta da lissafin cikakkun lambobi, ina gwadawa daga sifili zuwa sama, tunda ba ta wuce dubu ba.

Don lambobin takardar kaya su zama iri ɗaya, na mayar da jimla da XOR su ma kan lambar da aka cire wa tushe. Jimlar yanzu ba ta kai 600,000 ba, na ba ta `uint32_t` don magatakarda ya ga cikakkiyar lamba ba wadda ta zagaya ba. Takardar kaya za ta ɗauki abubuwa biyar: tushe, adadi, jimla, XOR, jimlar ninki.

Daga buhu uku zuwa sama ba zan ƙara wani ma'aji ba. Ana iya ci gaba da ninki uku da huɗu, amma lambobin da za a kwafa da hannu suna tsawo, kuma mai sito ya ce in buhu uku suka ɓace ba lamba zai nema ba, mota zai tsare. A wannan hali na'ura za ta nuna adadin da ya ɓace, ta jero ramukan taswira a allo, a kira wurin lodi a karanto lambobin takardun da suka yage daga katin SD. Aikin mako mai zuwa shi ne rubuta wannan ɓangare na katin, da gwada sikana a kan takardun da suka sha ƙura.